Yadda Ɗan Gudun Famfalaki Zai Tsara Ci da Shansa Kafin Tsere, Lokacin Tsere da Bayansa

Duk wanda ya saba zuwa filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi da sassafe, ko ya bi hanyar Dass bayan sallar asuba, ya san cewa muna da matasa masu ƙafa da numfashi. Abin da ke kayar da yawancinsu idan suka je babbar gasa ba ƙarancin atisaye ba ne, ciki ne. Za ka ga yaro ya yi wata huɗu yana shiri, ya tafi Legas gudun kilomita 42 da ake yi a watan Fabrairu, ya riƙe tsere da kyau har kilomita talatin, daga nan ƙafafu su yi masa nauyi kamar an ɗaura musu turmi, ya ƙarasa da tafiya. Wannan bayani zai bi mutum guda ne daga farko har ƙarshe, wato ɗan tsere mai nauyin kilo 60 da yake sa ran kammala gudun cikin awa uku da rabi. Wanda nauyinsa ya bambanta sai ya sake lissafin da nasa, domin kusan kowane awo a nan da nauyin jiki ake yin sa.

Dalilin wannan nauyin ƙafa sananne ne. Jiki yana adana sukarin da ya samu daga abinci mai sitaci a cikin tsoka da hanta, kuma masana suna kiran wannan ajiya gilaikojin. Rumbun ƙarami ne: kimanin giram 400 a tsoka, da kusan giram 100 a hanta, abin da ke ƙarewa bayan awa ɗaya da rabi zuwa awa biyu na gudu mai ƙarfi. Kitse kuwa ko siririn mutum yana da shi da yawa, amma jiki ba ya iya ƙona shi da saurin da tsere ke buƙata, don haka da zarar sukarin ya ƙare dole gudu ya ragu ko da zuciya tana so. Aikin ɗan tsere ke nan ya cika rumbun kafin ya tashi, ya riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan a hanya, sannan ya mayar da abin da ya fita bayan ya gama.

Mataki na farko: awon zufa, makonni kafin gasa

Kafin a zo maganar kwano, akwai awon da ya kamata a yi tun ana saura mako shida ko fiye, kuma ba ya buƙatar komai sai sikelin awon nauyi da ledar fiya wata, wadda take ɗaukar rabin lita. Ɗan tsere zai yi fitsari, ya tuɓe, ya hau sikeli ya rubuta abin da ya gani. Sai ya yi gudun awa guda da irin saurin da zai yi ranar gasa, yana lura da yawan ruwan da ya sha, ba tare da ya tsaya fitsari ba. Idan ya dawo ya cire jiƙaƙƙun kaya, ya goge jikinsa, ya sake hawa. Mutuminmu ya tashi da kilo 60, ya dawo da kilo 59.4, ya kuma sha leda ɗaya a hanya. Giram 600 da ya rasa daidai yake da mililita 600 na ruwa, idan aka haɗa da 500 da ya sha, zufarsa ta kama lita 1.1 a awa.

Akwai abin da ke yaudarar 'yan Bauchi a nan. Wanda zai yi tseren Fabrairu yana yin atisayensa ne a cikin hunturu, lokacin da iska ke busar da gumi tun kafin ya jiƙa riga, sai mutum ya ɗauka ba ya zufa. Ya duba gefen hularsa da bayan rigarsa idan sun bushe: farin zanen da zai gani gishiri ne, kuma shaida ce cewa ruwa ya fita. A Legas kuwa iskar teku cike take da laima, gumi ba ya bushewa, yana tsiyaya ne kawai ba tare da ya sanyaya jiki sosai ba, don haka jiki kan ƙara zubar da shi. Shawarata ita ce a maimaita awon sau biyu ko uku, ɗaya daga ciki da hantsi bayan rana ta ɗaga, a ɗauki adadin da ya fi girma a yi shiri da shi.

A waɗannan makonni ne kuma ake koya wa ciki karɓar abinci ana cikin gudu. Hanji yana sabawa kamar yadda ƙafa ke sabawa. Duk abin da mutum ke niyyar ci ko sha ranar tsere, ya gwada shi a dogon gudun da yake yi ƙarshen mako, sau uku aƙalla, a daidai lokacin da kuma daidai adadin.

Kwana biyu kafin tsere

Cika rumbu yana farawa ne awa 36 zuwa 48 kafin a tashi, ba daren gasa ba. A wannan tsakanin ana rage atisaye ƙwarai, ana kuma neman giram 8 zuwa 10 na sitaci da sukari a kan kowane kilo na nauyin jiki a kowace rana. Ga mutuminmu, giram 480 zuwa 600 ke nan. Adadin yana da yawa fiye da yadda ake zato, kuma wanda ya yi ƙoƙarin haɗa shi a zama biyu zai kwana da ƙwarnafi, shi ya sa ake rarraba shi zama biyar ko shida.

Ga yadda yini guda zai iya kasancewa da abincin da muka saba. Da safe babban kofin koko mai kauri da sukari, da yanka huɗu na burodi da cokalin zuma, wanda zai ba shi kimanin giram 140. Da hantsi ayaba biyu, giram 50. Da rana dafaffiyar shinkafar da ɗanyarta ta cika gwangwanin madara ɗaya, wajen giram 120, da 'yar miyar tumatir marar yaji da ɗan kifi ko kaza, a kora da zoɓo mai zaƙi don ƙarin giram 40. Da la'asar dabino goma, giram 50 ko fiye gwargwadon girmansu. Da daddare tuwon shinkafa na wani gwangwanin guda da miya 'yar kaɗan, da ƙaramin kofin kunu. Jimilla ta kai wajen giram 550, ba tare da an taɓa cika ciki har wuya ba.

Wanda ya lura zai ga babu wake a wannan tsari, babu alala, babu ɗanwake, babu kwaɗon zogale ko rama, babu tsire. Ba don suna da illa ba, a sauran ranakun shiri su ne ma ginshiƙin abincin ɗan wasa. Matsalarsu a waɗannan kwanaki biyu ita ce wake da ganye suna barin tarkace da iska a hanji, nama mai kitse da soye-soye kuma suna daɗewa ba su narke ba, ga shi suna cika ciki su hana a ci sitacin da ake nema. Na taɓa raka wani yaro da ya ci shinkafa da wake da mai da yaji a tasha daren gasa, saboda shi ne abin da ya samu da araha, washegari tun kafin kilomita goma sha biyar yana waige-waigen inda zai tsuguna. Har masarmu ta Bauchi, wadda shinkafa ce zalla kuma ta dace ta fuskar sitaci, sai an yi hankali da ita saboda man da take sha a tanda. Biyu ko uku da zuma da safe babu laifi, amma ba cin ƙoshi da miyar taushe da nama ba.

Idan ya hau sikeli ya ga ya ƙaru da kilo ɗaya ko fiye, kada ya firgita, domin kowane giram na gilaikojin yana riƙe kimanin giram uku na ruwa. Wannan ƙaruwa alama ce cewa ajiya ta shiga. Ruwa kuwa a sha shi yadda aka saba, a riƙa duba fitsari: ruwan ɗorawa mai haske shi ake so. Idan ya yi duhu kamar shayi akwai ƙaranci, idan ya koma fari fat kuma ana zagayawa kowace awa an wuce gona da iri.

Tafiyar kanta tana cikin lissafi. Daga Bauchi zuwa Legas a mota yini ne cur har da dare, kuma a hanya mutane kan ƙi shan ruwa don kada fitsari ya matse su, su kuma ci duk abin da aka miƙo ta taga. Ya fi kyau a isa ana saura kwana biyu, a kuma yi guzurin burodi, dabino, ayaba, zuma da garin koko daga gida, don kada a wayi gari a baƙon wuri ana gwada abincin da ciki bai sani ba.

Safiyar tsere

Ana tashin irin wannan gasa da sassafe, wajen ƙarfe shida da rabi, don haka karin kumallo yana faɗowa ne kamar lokacin sahur, awa uku kafin a tashi. Amfaninsa shi ne cika hanta, wadda ta yi ta ciyar da jiki cikin dare har ajiyarta ta ragu. Giram biyu a kan kowane kilo ya wadatar, wato giram 120 ga mutuminmu: kofin koko da sukari, da yanka uku na burodi da zuma. Ban da ƙosai, ban da soyayyen ƙwai, ban da shayi mai kaurin madara. Wanda fargaba ta hana shi haɗiyar burodi ya ƙara kokon ya haɗa da ayaba, tun da abu mai ruwa ya fi saurin barin ciki.

Tare da wannan abinci zai sha leda ɗaya ta ruwa a hankali, wanda ya dace da awon mililita 5 zuwa 10 a kan kowane kilo. Tazarar awa biyu zuwa uku tana ba jiki damar fitar da rarar kafin a jeru. Daga nan sai kurɓa kawai, sannan ana saura minti goma ya ci dabino biyu ko uku da 'yar kurɓar ruwa.

Game da goro da kofi, gaskiya ne sinadarin kafin da ke cikinsu yana rage jin gajiya, kuma dokar wasanni ba ta hana shi ba, amma wanda bai saba ba zai iya samun bugun zuciya, rawar hannu ko murɗawar ciki. Ƙwayoyin kashe ciwo kuwa maganarsu daban ce. Irin su ibufurofen da daikulofinak, idan suka haɗu da zafi da ƙarancin ruwa, suna iya taɓa ƙoda su kuma ƙwarzane ciki. Tiramadol kuma, ban da haɗarinsa, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun daga watan Janairun 2024.

A cikin tsere

Kuskuren da aka fi yi shi ne jira sai an ji jiki ya fara mutuwa kafin a sa wani abu a baki. A lokacin an makara, saboda abin da aka haɗiya yana buƙatar mintuna kafin ya isa jini, ga shi cikin wanda ya galabaita ba ya son karɓar komai. Ana fara ci ne tun minti 30 zuwa 40 da tashi, alhali ana jin ƙarfi, a ci gaba bisa agogo. Abin da ake nema giram 30 zuwa 60 ne na sukari a kowace awa. Ƙwararrun da suka horar da cikinsu suna kaiwa giram 90, amma mutuminmu ya tsaya a kan 50 zuwa 60.

Akwai ƙananan fakitin sukari mai kauri da ake kira jel, kowanne yana ɗauke da kimanin giram 20 zuwa 25, sai dai suna da tsada kuma ba kasafai ake samun su a nan ba. Zuma tana yin aikin. A zuba cokali ɗaya da rabi na cin abinci a ƙaramar farar leda irin ta ƙullin gyaɗa, wanda sukarinsa ya kai giram 25, a barbaɗa ɗan gishiri, a ƙulle tam, a yi guda shida ko bakwai a jera su a aljihun wando ko ɗamara. Duk bayan minti 25 zuwa 30 ya ciji kusurwar guda ya tsotse, yana daidaita hakan da isa wurin raba ruwa, domin zuma ba tare da ruwa ba tana zama a ciki ta jawo tashin zuciya. Dabino ma yana yi, biyar a madadin ƙulli guda, amma a zaɓi mai laushi a cire ƙwallon tun a gida. Busasshen dabinon nan mai tauri da ake tallarsa a baro ba ya taunuwa ga mai haki.

Ruwa kuma sai a koma ga awon da aka yi a baya. Lita 1.1 a awa, cikin awa uku da rabi, ya kama kusan lita 3.9. Ba a neman mayar da shi duka a hanya. Jiki yana jure asarar da ba ta wuce kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa ba, wato kilo 1.2 ga mutuminmu, ba tare da gudu ya lalace ba. Saura lita 2.7 ke nan, wanda idan aka raba ya zama kimanin leda ɗaya da rabi a kowace awa, a sha shi kurɓa huɗu ko biyar a kowace tasha maimakon a kwankwaɗe shi lokaci guda. Idan ya ji ruwa yana kaɗawa a cikinsa, ya tsallake tasha ɗaya. Sauran ruwan da ke hannu ya zuba a ka da wuya.

A atisaye, ko a gasar da aka yarda wani ya miƙa wa ɗan tsere gorarsa, ana iya haɗa ruwa da sukari wuri guda: lita ɗaya ta ruwa, cokali biyar na cin abinci na sukari a shafe, kwata na ƙaramin cokalin shayi na gishiri, da ɗan matsin lemon tsami don ɗanɗano. Kada a ƙara sukarin da tunanin ƙarin ƙarfi, domin idan ya yi kauri yakan jinkirta fitar ruwa daga ciki, har ya kai ga zawo. Wannan haɗi kuma ba ɗaya yake da ruwan gishiri da sukari na masu gudawa ba, wancan gishirinsa ya fi yawa sukarinsa kuma bai kai ba.

Dole ɗan tsere da masu rakiyarsa su iya bambanta matsaloli uku da ke kama da juna. Wanda sukarinsa ya ƙare yakan ji yunwa kwatsam, rawar jiki, jiri da mutuwar ƙafa, kuma idan ya rage gudu ya sha abu mai zaƙi yakan farfaɗo cikin minti goma zuwa sha biyar. Wanda zafi ya yi wa yawa jikinsa yakan ɗauki zafi rau, ya fara tangaɗi, magana ta rikice masa. Wannan ba maganar abinci ba ce, a tsayar da shi, a kai shi inuwa, a yi ta kwarara masa ruwan sanyi ko ƙanƙara nan take, a kira masu agaji. Na ukun shi ne wanda mutane ba su cika sani ba, wato wanda ya sha ruwa fiye da zufar da ya yi har gishirin jininsa ya tsinke. Alamominsa ciwon kai, amai, kumburin yatsu har zobe ko agogo ya matse, da ruɗewa, kuma idan aka auna shi za a ga nauyinsa ya ƙaru maimakon ya ragu. Binciken da aka yi a kan waɗanda suka yi gudun famfalaki na birnin Boston a Amurka a 2002 ya gano kashi 13 cikin ɗari na waɗanda aka gwada suna da wannan matsala, kuma ta fi samun waɗanda suka daɗe a hanya suna sha a kowace tasha. Irin wannan mutum idan aka ɗura masa ƙarin ruwa da sunan taimako an ƙara masa ciwo ne, asibiti kawai za a kai shi.

Ɗan ƙwallo zai iya ɗaukar wannan tsari ya rage masa tsawo. Idan za a take wasa ƙarfe huɗu, babban abincinsa na shinkafa ko taliya ya kasance wajen ƙarfe goma sha biyu da rabi, sannan hutun rabin lokaci shi ne damarsa ta shan rabin leda zuwa leda guda da cin ayaba ko dabino biyar.

Bayan an tsallake layi

Abu na farko sikeli ne, idan akwai. A ce mutuminmu ya sauka da kilo 58.6, ya rasa kilo 1.4. Zai sha lita ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi a kan kowane kilo da ya rasa, kusan leda huɗu ke nan, a rarrabe cikin awa uku ko huɗu. Ana ƙara wannan rarar ne saboda wani sashe zai fita ta fitsari, kuma ruwan yana zama a jiki ne idan ya tafi da gishiri, don haka romon nama, miya ko abinci mai ɗan gishiri suna cikin maganin.

A awannin farko tsoka ta fi saurin karɓar sukari. Wanda ke da wata gasa ko wasa washegari ya nemi giram ɗaya a kan kowane kilo a kowace awa har awa huɗu, wato giram 60 a awa ga mutuminmu. Wanda zai huta mako guda ba sai ya matsa wa kansa haka ba, ya dai ci da wuri ya kuma ci ya ƙoshi. Ana haɗawa da kimanin giram 20 na furotin don gyaran tsokar da ta ƙuje, abin da dafaffen ƙwai uku ke kusan bayarwa. A nan ban ga abin da ya kai fura da nono ba, idan nonon mai kauri ne ba wanda aka tsinka da ruwa ba kuma an tabbatar da tsabtarsa: rabin lita na kindirmo da curin fura biyu da sukari ya haɗa sitaci, furotin da ruwa a ƙwarya ɗaya, ga shi yana wucewa ko a maƙogwaron wanda gajiya ta hana shi sha'awar abinci. Wanda zuciyarsa ke tashi ya fara da kurɓar lemon kwalba da kankana, ya jira rabin awa.

Da yamma sai a koma ga cikakken abinci, kuma yanzu wake, ganye, kifi da balangu duk sun halatta. A ci gaba da duba fitsari har washegari. Idan awa shida suka wuce bai zo ba duk da shan da aka yi, ko kuwa ya fito baƙi-baƙi kamar ruwan kanwa tare da matsanancin ciwon tsoka, ba gajiyar tsere ba ce kawai, ana iya samun taɓuwar ƙoda, kuma a ranar ya kamata a ga likita. Mai ciwon sukari, hawan jini, ciwon ƙoda ko sikila kuwa, tun kafin ya fara awon zufa zai kai wa likitansa waɗannan adadi na sukari da gishiri, a gyara masa su daidai da magungunan da yake sha.